Yaro ya motsa hoto ya ja: me za mu kira wannan da Hausa?

Maman Biyu: Salamu alaikum masu hoto. Ina rubuta ɗan bayani ga ƙawayena kan gyaran hoton yara, sai na maƙale a wuri ɗaya. Abin nan da manhajar Photoshop ta rubuta `Motion Blur`, wato yaro ya juya kai daidai lokacin da aka danna, fuskarsa ta fito a shafe. Na fara sa "dishi-dishi", amma bai kwanta mini ba. Ga misalin da nake aiki da shi: ɗana yana zaune a kujera cikin ɗaki, kujerar ta fito tas, labulen baya ma haka, fuskar ce kawai ta lalace. Bayanan hoton sun nuna saurin shota 1/60 na daƙiƙa, buɗin gilashi f/5.6, ISO 400.

Ɗan Koyo: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai dishi-dishi ya isa, kowa ya san shi. Maganinsa kuwa ki sayi ƙafar kyamara, ko ki kunna abin hana rawa da ke jikin gilashin. Tun da na fara amfani da shi hotunana suka daina haka.

Tsohon Mai Hoto: Ɗan Koyo, sake karanta abin da ta ce: kujera ta fito tas. Da hannunta ne ya yi rawa, da kujera da labule da yaro duk sun shafe tare, kuma ta gefe guda. Ƙafar kyamara da abin hana rawa kyamara suke riƙewa, ba sa riƙe kan yaro. Shi ya sa ni ma ban yarda da dishi-dishi ba, don cuta uku take rufewa da suna ɗaya. Akwai na rawar hannu, wanda ke cin hoton gaba ɗaya. Akwai na kuskuren saiti, inda ido ya yi laushi amma kunne ko maɓallin riga ya fito da kaifi, kuma laushin ba shi da alƙibla. Sai naki, Hajiya, wanda yake da alƙibla da tsawo. Ki zuƙo hoton ki dubi ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar idonsa. In ya zama ɗan layi maimakon ɗigo, motsi ne, kuma layin nan shi zai gaya miki inda kan ya nufa da nisan da ya tafi.

Maman Biyu: Ikon Allah! Layi ne kuwa, a kwance, ya ɗan karkata sama ta dama.

Malamin Hausa: To madalla, ke nan kalmar da muke nema dole ta ɗauki ma'anar tafiya. Dishi-dishi da biji-biji na ido ne da ba ya gani sosai, babu motsi a cikinsu. Na yi tunanin "jirwaye", amma jirwaye tabo ne da ya zauna wuri ɗaya. Hajiya, ki lura da abin da muke faɗi in tawada ba ta bushe ba aka goge ta da yatsa, cewa muke ta ja. Ina ganin "jan motsi". Sai a ce hoton ya yi jan motsi, ko a taƙaice, fuskar ta ja.

Amarya: Ni dai ina son wannan shafewar a bayan yarinyata, yana sa ta fito da kyau. Me ya sa za a rage shi?

Malamin Hausa: Amarya, naki daban ne, wancan laushin baya ne da ake yi da gangan. Mu a fuska muke.

Tsohon Mai Hoto: Malam, jan motsi ya yi mini, don har lissafi yana shiga. A ce faɗin hoton fiksel 6000 ne, kuma abin da ya shiga ciki faɗin mita ɗaya ne. Kowace milimita fiksel 6 ke nan. Yaro ya juya kai a hankali, santimita 20 a daƙiƙa, wanda ba wani sauri ba ne a wurin yaro. A 1/60 fuskar za ta yi tafiyar milimita uku da ɗoriya kafin shota ta rufe, wato jan fiksel 20. Gashin ido ba ya tsira daga wannan. A 1/250 jan ya koma kusan fiksel 5, a 1/500 bai kai 3 ba.

Don haka nan gaba, Hajiya, ki sa kyamara a `S`, ko `Tv` in Canon ce, ki kafa ta a 1/250 in yana zaune, 1/500 in yana guje-guje. Sai dai daga 1/60 zuwa 1/250 kin rage haske kashi huɗu ya koma ɗaya, dole ki biya ta wani wuri. Ko ki buɗe gilashi daga f/5.6 zuwa f/2.8 in yana kaiwa, ko ki ɗaga ISO daga 400 zuwa 1600. Kada yashi-yashin ISO ya ba ki tsoro, shi yana wankuwa a gyara fiye da ja nesa ba kusa ba. In kuma za ki iya matsar da kujerar kusa da taga, duk ya fi sauƙi.

Maman Biyu: Na gode Baba. To wannan da aka riga aka ɗauka fa? Shi ne kaɗai ya yi dariya a ciki.

Tsohon Mai Hoto: Za a rage, ba za a kawar ba. Ki kwafi hoton a sabon `Layer`, ki shiga `Filter > Sharpen > Smart Sharpen`. A wurin `Remove` ki zaɓi `Motion Blur`, sannan ki juya kusurwar da ke gefensa ta bi layin nan na cikin ido. Kusurwar ita ce rabin aikin, in ta kauce sai ki ga hoton ya ƙara dagulewa. Daga nan ki riƙa ɗaga `Radius` da `Amount` kaɗan-kaɗan. Da zarar kin ga farin zare ya fara bin gefen kunci, ko leɓe ya zama biyu, kin wuce gona da iri, ki koma baya. Abin da mutane ke mantawa shi ne kujera da labule ba su motsa ba, gyaran zai ɓata su. Ki rufe komai da `Layer Mask`, ki buɗe ido da gira da baki kawai. Ko a fuskar ma jan ba ɗaya ba ne in juyawa ya yi: hanci ya fi gefen kai tafiya, saitin da ya gyara ido zai iya barin hanci yadda yake.

Jan fiksel biyar zuwa shida yakan gyaru har a manta. Na ashirin kuwa, ki haƙura da bugawa babba. A ƙaramin kati ko fuskar waya zai wuce.

Ɗan Koyo: Na karɓi gyara a kan ƙafar kyamara, ranka ya daɗe. Amma filashi fa? Haskensa gajere ne ƙwarai, yana daskarar da motsi ko a 1/60.

Tsohon Mai Hoto: Wannan ka yi gaskiya, matuƙar ɗakin yana da duhu har filashin ne ke ɗaukar nauyin hasken. In akwai hasken taga mai yawa, sai ka sami fuska mai kaifi da wata mai dusu-dusu tana bin ta a gefe.

Ɗan Koyo: To wannan ai ba ja ba ne, wutsiya ce. Kuma "jan motsi" a rubuce wani zai ɗauka launin ja ake nufi. Ni "wutsiyar motsi" ta fi mini.

Malamin Hausa: Ba ka rasa hujja ba, "jan" a rubuce tana ɗaukar ma'ana biyu, ko da yake ban taɓa jin motsi mai launi ba. Wutsiya kuma baya kawai take bi, alhali na Hajiya fuskar duka ce ta shafe. Ko a bar wutsiya wa na filashi?

Maman Biyu: Ni dai zan rubuta jan motsi, rawar hannu, kuskuren saiti. Ɗan Koyo ka riƙe wutsiyarka tukuna. Baba, na gwada, idon ya dawo, amma haƙoran sun zama jere biyu. `Radius` zan rage ko kusurwar ce ban daidaita ba?

Tsohon Mai Hoto: Fara da `Radius`. In ba su haɗe ba, ki cire bakin daga gyaran ki bar shi yadda yake, ko ki yi masa nasa `Layer` da tasa kusurwar.