Na ci kashi ɗaya na CIA, na faɗi na biyu, ga kuma gurbi a sashen bin ƙa'ida: in ci gaba ko in canza?

Ɗan Lissafi:
Assalamu alaikum. Ina da digiri a akanta, shekarata shida a sashen kuɗi. Yawancinsu a kan baucan biyan 'yan kwangila da daidaita asusun banki na yi su, sai wata 14 da suka wuce aka ɗora mini duba takardun sayayya kafin a biya, bayan wata rigima da ta sa aka sauya shugaban sashenmu, wanda shi ne ma ya fara ba ni shawarar CIA, satifiket ɗin masu odit na cikin gida mai jarrabawa kashi uku. Na yi rajista wata 20 da suka wuce, na ci kashi na ɗaya, na biyu na samu 570. Na gama jarrabawar ACCA ta ƙwararrun akantoci tuntuni. Yanzu za a buɗe gurbi a sashen kula da haɗari da bin ƙa'ida, kuma can nake so. Barci ma ya gagare ni. In ƙarasa CIA ko in nemi wani satifiket?

Tsohon Odita:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da agogo. IIA, cibiyar da ke ba da CIA, shekara uku take ba ka daga ranar da ta amince da rajistarka, in suka cika ba ka gama ba, kashin da ka ci ya zube. Wata 16 ke nan suka rage maka, ga jarrabawa biyu, kowacce tambaya 100 cikin awa biyu. Wannan mai yiwuwa ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwarewar aiki. Mai digirin farko ana neman shekara biyu a odit ko makamancinsa, irin su bin ƙa'ida, kula da haɗari da sa ido kan tsarin cikin gida. Shirya bauca ba ya cikinsu, domin kai ne mai yin aikin da wani zai zo ya bincika. Wata 14 ɗin nan za su iya shiga in shugabanka ya sa hannu cewa aikin sa ido ne, saura wata 10 ke nan. Da wane littafi ka yi karatun kashi na biyu?

Ɗan Lissafi:
Yallaɓai, da littattafan tsohon shugaban namu. Shi da su ya ci, ni ma da su na ci na ɗaya, don haka ban ga laifinsu ba. Kuma ai duk shekara shidan nan lissafi nake dubawa.

Tsohon Odita:
Duba lissafin da kai ka rubuta ba odit ba ne. Littattafan kuma, buɗe ka ga shekararsu. An fitar da sabbin ƙa'idojin odit na cikin gida na duniya a Janairun 2024, suka fara aiki ranar 9 ga Janairun 2025, aka kuma sake manhajar jarrabawar a 2025 don ta bi su. In littafinka yana ta ambaton lambobi irin 1100 da 2200, na tsohon tsarin 2017 ne. Ajiye shi.

Abban Yara:
570 ai ka yi nisa da ci. Ana neman 600 cikin 750, kashi 80 cikin ɗari ke nan. Ni sau biyu na faɗi na haƙura. A wurinmu wanda aka ba shugabancin sashen haɗari ko satifiket ɗaya ba shi da shi, sanayya ce kawai. Shekara tara ina kan kujera ɗaya, har waɗanda na koya wa aiki sun wuce ni. Ka yi CISA, yanzu komai a kwamfuta yake.

Tsohon Odita:
Malam, 600 ba kashi 80 ba ne. Makin daga 250 yake farawa zuwa 750, kuma juya shi ake yi gwargwadon wahalar tambayoyin da suka zo maka, ba raba shi za ka yi kai tsaye ba. Mai 570 yana bakin ƙofa. CISA kuwa ta ISACA ce, ta masu binciken tsarin kwamfuta, kuma shekara biyar na ƙwarewa a wannan fannin take nema, ko da yake digiri yana rage wasu. Wanda ke fama da cika biyu ba za a tura shi neman biyar ba.

Hajiya Mai Bin Ƙa'ida:
Yallaɓai, da girmanka, duk kun bar ainihin maganar. Yaron nan ba kujerar odita yake nema ba. A tsarin layuka uku da IIA ɗin kanta ta sabunta a 2020, mu masu haɗari da bin ƙa'ida muna layi na biyu, muna zama da masu gudanarwa muna taya su tsara yadda za a kauce wa matsala. Odita yana na uku, yana zuwa ya bincike mu duka, ya kai rahoto ga kwamitin odit. CIA horon mai zuwa bincike ce. Na zauna a intabiyu da masu ita, ka tambaye su yadda za su gwada wani tsari, sai bayani ya yi ta zuba. Ka ce ga sabuwar doka daga hukumar da ke sa mana ido, wa za ka fara kira, wace takarda za ka gyara, sai a yi shiru. Ɗana, ba ka ma faɗa mana wane irin kamfani ba ne. In banki ne kuma gurbin na yaƙi da halatta kuɗin haram ne, CAMS ta ACAMS za su tambaya. In masana'anta ce, CAMS ba ta da amfani a gare ka.

Tsohon Odita:
Hajiya, na yarda da layukan, ban yarda ya watsar ba. Wanda ya san abin da odita zai nema shi ke rubuta tsarin da ba ya rushewa ranar bincike. Sai dai ya sani, in ya shiga sashenku ya so dawowa odit, ba zai binciki aikin da ya riƙe ba sai wata 12 sun wuce. Kuma satifiket ɗin yana son awa 40 na ƙarin ilimi duk shekara ga mai aiki da shi.

Hajiya Mai Bin Ƙa'ida:
To wannan awa 40 ɗin wa zai ɗauki nauyinsa a sashen da ba ya buƙatar CIA? Ni kaina sai da na yi rigima kafin a biya mini nawa horon.

'Yar Ajin Ƙarshe:
Yaya, tunda ka gama ACCA, me ya sa ba ka bi gajeriyar hanya ba? Na ji masu ita jarrabawa ɗaya kawai suke yi, tambaya 150 cikin awa uku.

Tsohon Odita:
Gaskiyarki, akwai ta, amma ta cikakkun mambobi ce. Cin jarrabawar ACCA kaɗai bai mai da mutum mamba ba, sai ya cika wata 36 na aiki da wani mai kula da shi ya tabbatar, da darasin ɗa'ar aiki. Ƙanena, kai mamba ne?

Ɗan Lissafi:
Ban tura takardun ba tukuna, wanda zai sa mini hannu shi ne aka sauya, sabon kuma ba ma ɗasawa. Hajiya, ba banki ba ne, amma muna ba da rance, kuma ban ga takardar bayanin aikin ba, a baki aka gaya mini. Ni dai gani nake na riga na zuba kuɗi da shekara kusan biyu a CIA, ba zan fara wani abu daga farko ba. Littattafan ma ina ganin in na ƙara maimaita su, maki 30 ba zai gagare ni ba.

Hajiya Mai Bin Ƙa'ida:
Nemo takardar nan kafin ka biya kuɗin kowace jarrabawa.

Tsohon Odita:
Sabon shugaban da ba kwa ɗasawa, shi ne zai tabbatar da wata 14 ɗinka, sai in akwai wani mai CIA da ya san aikinka. Akwai?

Ɗan Lissafi:
Tsohon shugaban yana da ita, amma aikin sayayyar bayan tafiyarsa na fara. Zai iya sa hannu duk da haka?