Neman kalma: me za mu kira 0/0 da Hausa in ya fito a limit?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da kalma. Ƙanwata da ke aji ɗaya a jami'a ta ɗauko hoton wata tambayar kalkulas daga littafinta ta turo min jiya da daddare, gefen hoton duk inuwar wayarta ta rufe shi, amma ga abin da na karanto:

```
lim (x→2)  (x³ − 8)/(x² − 4)
```

Ta sa 2 a wurin x, sama ya ba ta 0, ƙasa ma 0, kalkuleta ta rubuto mata `Math ERROR`, sai ta rubuta "babu amsa" ta wuce abinta. Na so in yi mata bayani da Hausa ta murya, na zo kan abin nan da ake ce wa inditaminet fom sai bakina ya tsaya cak. Me za mu kira shi?

Wani ɗalibi: Ai kawai ka ce marar amsa, ko haramtaccen rabo, tun firamare aka ce mana ba a raba abu da sifili ai.

Malamar lissafi: A'a ƙanina, wannan sunan shi ne fa ya kayar da yarinyar. Abin da aka koya maka gaskiya ne a kan 5/0, domin babu lambar da za ka ninka da sifili ta ba ka 5. Shi kuwa 0/0 matsalarsa ta juya ne, kowace lamba ka ninka da sifili sifili za ka samu, to wacce za ka ɗauka? Kuma limit ba ya tambayar me ya faru a kan 2 ɗin kanta, tambayarsa ina lissafin ya dosa yayin da x ke matsowa kusa da 2. Ka ɗauki kalkuleta ka sa 2.01, sama zai ba ka 0.120601, ƙasa 0.0401, ka raba za ka ga kusan 3.0075. Ka sa 1.99 za ka ga kusan 2.9925. Ta hagu ta dama duk 3 suka nufa, to ta yaya za mu ce marar amsa?

In da hannu za a yi, tunda 2 ta mayar da sama da ƙasa sifili, dole akwai (x − 2) a ɓoye cikin kowannensu, sai a fasa su a zaro ta:

```
x³ − 8 = (x − 2)(x² + 2x + 4)
x² − 4 = (x − 2)(x + 2)
```

A soke (x − 2) sama da ƙasa, kuma sokewar ta halatta saboda x kusa da 2 take ba 2 ba ce, saura (x² + 2x + 4)/(x + 2). Yanzu sa 2, ka samu 12 bisa 4, wato 3.

Wani mai son ƙwallo: Malama to a ce canjaras mana, ko kunnen doki. Babu-babu aka tashi ai, 0 da 0.

Malamar lissafi: Kalmar ta yi daɗi a baki wallahi amma ina jin tsoronta. Duk yaron da ya ji canjaras zai ɗauka sama da ƙasa daidai suke ya rubuta 1. Duba ka ga, in x na tafiya zuwa sifili, 2x/x na ba da 2, x²/x na ba da 0, x/x³ kuma hawa yake ta yi ba tsayawa. Dukkansu 0/0 ne a kallon farko amma kowa da inda ya sauka, domin abin da ake dubawa shi ne wa ya fi wani saurin zuwa sifili.

Wani daga Maradi: Mu nan da Faransanci muka koye shi, ma'anar sunan ita ce siffar da ba a tantance ba, kuma malaminmu kullum cewa yake a ɗage rashin tantancewar, kamar ka ɗage mayafi daga kan abu. Shi ya sa ni lulluɓaɓɓiyar siffa ta fi kwanta min, amsar na nan an dai lulluɓe ta ne. Ni kam dokar Lopital nake yi ban tsayawa fasa komi, ka ɗauki diribatib na sama daban na ƙasa daban:

```
3x²/2x  →  12/4 = 3
```

layi ɗaya an gama.

Mai tambaya: Madalla, hanya biyu amsa ɗaya. Amma yanzu na ƙara buɗe hoton da girma, alamar da ke tsakanin x² da 4 daidai nan inuwar ta faɗa, ina shakka ko ɗebewa ce ko tarawa. In tarawa ce Lopital ɗin ai 3 zai sake ba mu tunda diribatib na 4 sifili ne ko ta wace alama, ko ba haka ba Malama?

Malamar lissafi: Zai ba ka 3, kuma 3 ɗin kuskure ce. In x² + 4 ne, ka sa 2 ƙasa zai zama 8, sama 0, amsa 0/8 wato 0, shi ke nan babu wani lulluɓi da za a ɗage. Gwada 2.01 ka ga 0.015 za ka samu, ko kusa da 3 bai je ba. Dokar ba ta aiki sai in ka fara sa lambar ka ga 0/0 ko ∞/∞ da idonka, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba in ka yi ta a inda bai dace ba, amsa za ta miƙo maka tsaf-tsaf. Na sha yin makin takardun da yara suka faɗa wannan ramin, wasu kuma su je su yi dokar diribatib ɗin rabo ta ɗungurungum su cika shafi, alhali sama daban ƙasa daban aka ce. Ka ce ta sake ɗauko hoton a haske kafin ka tura mata komai.

Wani dattijo, tsohon malamin sakandare: Ku gafarce ni in sa baki. Dokar nan da kuke kira da sunan L'Hôpital a littafinsa na 1696 ta fara fitowa, amma Johann Bernoulli ne ya gano ta, shi yake koya masa lissafin. Wannan a gefe. Batun lulluɓi, ɗana na Maradi, akwai gyara kaɗan. In ka ce a lulluɓe take ka yi alkawarin akwai amsa a ciki ke nan, alhali wani lokaci za ka ɗaga ka tarar babu. Ɗauki |x|/x a sifili, ta dama 1, ta hagu −1, limit ɗin babu shi sam. Ni da zan zaɓa sai in ce siffar da ba ta kammalu ba, yadda gidajen rediyo suka riƙa faɗa a zaɓen gwamnan Kano na 2019, an ƙirga amma ba a yanke ba sai an sake zagaye. Kowane Bahaushe ya san ma'anar wannan.

Wata ɗaliba: Baba kalmar ta yi tsawo fa, a aji wa zai tsaya faɗin duk wannan, mu "ziro oba ziro" muke cewa kowa ya gane. Sifili bisa sifili kawai.

Wani daga Maradi: 'Yar uwa to in ∞/∞ ne fa ko 0·∞, su ma ziro oba ziro za ki ce musu? Suna ɗaya ake nema da zai ɗauke su duka.

Malamar lissafi: Ni na fi karkata ga ta Baba, a taƙaice ta a ce marar kammala, ko ma "da saura". Yaro ya sa lamba ya ga 0/0 ya rubuta a gefe "da saura", ya san aiki bai ƙare ba, ya fasa ko ya yi Lopital. A rubutu na ƙa'ida kuma siffa marar tantancewa ta fi kusa da asalin ma'anar, sai dai ban san ko za ta zauna a bakin yara ba.

Mai tambaya: Ta turo sabon hoton yanzu, ɗebewa ce, amsa 3. Na yi mata muryar na ce mata 0/0 na nufin da saura, ta gane nan take har ta koma kan tambaya ta gaba, (x² − 9)/(x − 3) a kan 3, ta fasa ta samo 6 da kanta. Amma ta jefo min wata, wai shi limit ɗin kansa fa me za mu ce masa, na ce iyaka, ta ce yaya iyaka ai wurin da ba a ƙetarewa ne, wannan kuma mun bi ta hagu mun bi ta dama. Baba, Malama, madosa za ta yi?