Sanarwar rage lokacin aiki a azumi: yaya zan lissafa adadin da kowa zai cika?

Assalamu alaikum. Ni manaja ce a wani kamfanin ɗinki a Kano, kuma na maƙale wajen rubuta sanarwar azumi.

Da muna aiki daga ƙarfe 8 zuwa 5, da hutun awa ɗaya na salla da abinci, wato awa 8 a kan keke. A azumi za mu tashi ƙarfe 3, hutun ya koma rabin awa, saura awa 6 da rabi. Kowane tela yana haɗa riga 16 a rana, biyu a awa.

Na raba bisa awa, ya ba ni 13, na rubuta haka. Shugaban teloli ya ƙi, ya ce bara bayan azahar hannu sanyi yake yi, ba a wuce riga ɗaya da rabi a awa, ga gyaran ɗinki da ya yawaita. Na sauke zuwa 11, sai maigidan kamfanin ya dawo min da takardar, wai kayan Sallah ne a gabanmu, kuma kuɗin ƙwazo sai an wuce adadin ake biya, don haka 11 kyauta ce kawai.

Na gwada adadin mako, sai Juma'a ta ɓata lissafin, don ƙarfe 1 muke tashi.

Don Allah, ga waɗanda suka taɓa rubuta irin wannan: adadin rana ɗaya ake sa wa a sanarwar, ko ana raba na safe da na bayan azahar? Jibi zan liƙa ta. Na gode.