Kamfani na neman ragin kuɗin ɗaki da alƙawarin kwana 600 a shekara, ya zan amsa musu?

Manaja daga Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da wani ƙaramin otal mai ɗaki 32, ɗakinmu na talakawa naira dubu 40 ne da karin kumallo. Wani kamfanin kayan gona da ma'aikatansa ke sauka wajenmu ya aiko takarda wai mu bar musu a dubu 26, su kuma sun yi alƙawarin kwana 600 a shekara in an haɗa na duk ɗakunan da za su kama. Mai gida yace in rubuta amsa kafin Litinin, don Allah me zan ce musu?

Ɗan risefshan: Wa alaikumus salam oga. Ni dai a ganina ka karɓa kawai, kwana 600 sau dubu 26 miliyan 15 da dubu 600 kenan fa a hannu. Ɗakin da ya kwana ba kowa ai ya tafi kenan, ba a sayar da daren jiya. Da babu gara ba daɗi.

Hajiya mai masauki: Ƙanina maganarka na kan hanya amma sai in daren da za su zo dama ɗakin a rufe zai kwana. Manaja kafin kowa ya ce maka komai, faɗa mana abu uku: bara kwana nawa suka yi a wajenka, nawa suke biya a zahiri bayan an yi ciniki, sannan nawa ɗaki ɗaya ke ci maka in mutum ya kwana a ciki, wato wanki da sabulu da kumallo da wutar esi. Banda albashi da haya, waɗannan ko da baƙo ko babu za ka biya.

Manaja daga Kaduna: Hajiya na duba littafi, bara sun yi kamar kwana 350 kuma dubu 36 muke karɓa wajensu tun da. Abin da ɗaki ke ci zai kai dubu 13 saboda muna layin Band A, in an ɗauke kuma sai dizal.

Hajiya mai masauki: Yauwa to ga inda maganar take. Waɗannan ba sabbin kwastomomi bane, naka ne dama. Bara kowane kwana ya bar maka dubu 23 bayan ka cire dubu 13, sau 350 ya kama miliyan 8 da dubu 50. In ka amince da dubu 26 abin da zai rage maka dubu 13 ne kacal, sau 600 miliyan 7 da dubu 800. Ka ga ko sun cika alƙawarin cif ka ƙara wa ma'aikatanka aikin kwana 250, katifa da tawul sun ƙara jin jiki, amma abin da ya shigo bai kai na bara ba. In kuma suka tsaya a 400, wanda wallahi shi na fi zato, miliyan 5 da dubu 200 za ka gani.

Kuma ban ma saka daren da otal ya cika ba. In suka zo ranar Talata ko Laraba da kake da ɗakuna goma a rufe, alhamdulillahi. Amma in makon Sallah ne ko ƙarshen Disamba da 'yan biki ke neman ɗaki ido rufe, duk ɗakin da ka ba su a 26 ka kori mai biyan 40 ne. Shi yasa nake cewa ka bi littafin bara rana-rana ka ga waɗanne kwanaki suka fi zuwa, aikin awa biyu ne amma shi zai nuna maka ko ragin ya dace.

Ni da zan ba su 31. A nan kwana ɗaya na bar maka dubu 18, da sun kai kwana 450 ka riga ka kamo na bara, in suka cika 600 kana da miliyan 10 da dubu 800. Su ma sun samu sauƙin dubu biyar a kan abin da suke biya, mutumin da ya rubuto maka takardar yana da abin da zai nuna wa ogansa, kar ka manta da wannan, shi ma aiki aka saka shi.

Baban Walida: Ni ban ga abin wahala ba, tunda haya za su kama ta shekara ai sai su biya kuɗin gaba ɗaya ka miƙa musu makullin ɗaki biyu shikenan.

Manaja daga Kaduna: A'a Baban Walida ba haya bace, wani makon ba ko mutum ɗaya, wani makon su zo su takwas a tare in suna da taron dillalai.

Akanta daga Zariya: To wannan su takwas ɗin ma abin rubutawa ne. Ka iyakance, misali ɗaki huɗu a dare a wannan farashin, abin da ya haura sai in akwai wuri. Ni abin da ya ƙona mu a inda nake aiki ba farashin bane, biyan ne. Wata ƙungiya ta yi mana irin wannan alƙawarin, muka rage, sai kuɗi ya riƙa yin wata uku huɗu bai fito ba, mu kuma mai dizal baya jiran kowa, ga shi in sun tashi biya sai sun cire harajinsu daga ciki kuma takardar shaidar cirewar sai ka yi ta bin ta. Sannan ka fayyace ko 31 ɗin har da VAT na kashi 7.5 ko banda shi, don in har da shi ne abin da ya zama naka bai kai dubu 29 ba, lissafin Hajiya ya canza kenan.

Hajiya mai masauki: Gaskiyarka Akanta, ni banda VAT nake nufi. Manaja ga yadda zan rubuta, ka gyara da bakinka:

"Mun gode da amincewar da kuka yi mana, kuma muna son mu ci gaba da karɓar baƙinku. Dubu 26 ba zai ɗauki hidimar da kuka saba samu ba, amma bisa kwana 600 a shekara za mu ba ku ɗaki a dubu 31 da kumallo, banda VAT. Farashin na ɗaki huɗu ne a dare, banda makon Sallah biyu da kuma 20 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu. Za a biya cikin kwana 30 da miƙa takardar kuɗi. Bayan wata shida za mu zauna, in kwanakin ba su kai 250 ba farashi zai koma dubu 36. Haka kuma in kuɗin wuta ko dizal ya tashi sosai za mu sake duba farashin tare da ba ku sanarwar wata guda."

Wannan na ƙarshen kar ka bari a cire shi. Waɗanda suka sa hannu a farkon 2024 kafin a ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilu sun san abin da nake faɗa.

Akanta daga Zariya: Ni da zan ƙara cewa in ba su cika 600 ba su biya cikon. In ba haka ba menene amfanin alƙawarin?

Hajiya mai masauki: A takarda yana da kyau, amma ban taɓa ganin kamfanin da ya biya kuɗin ɗakin da bai kwana ba ba tare da rigima ba, kuma za ka kai kwastoman kwana 350 kotu? Ni na fi son a juya abin, su fara biyan 34, da sun wuce kwana 300 sai a sauke zuwa 29 a sauran shekarar. Ragin yana hannunka har sai sun kawo mutanen.

Akanta daga Zariya: Hajiya ofisoshin saye da yawa farashi ɗaya suke so su shigar a kasafinsu, ba lallai su yarda da hawa biyu ba.

Manaja daga Kaduna: Allah ya saka da alheri. Zan fara bin littafin yau da dare in ga ranakun. Amma in suka ce akwai otal a bayanmu da ya ba su 27 fa, don na san za su faɗa?

Ɗan risefshan: Oga ka tambaye su ko can ɗin esi na kaiwa asuba, direbobinsu sun fi kowa sani.