Wani abu ya fito a saman kombuca na, in zubar?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Na haɗa kombuca, shayin nan da ake bari ya tsima: ruwa lita ɗaya, ganyen shayi, sukari cokali biyar, na saka uwar da ƙawata ta ba ni, wato faifan nan mai santsi da ke sa shi tsima. Yau na buɗe na ga ɗigo-ɗigo kore masu gashi a sama. Wa ya taɓa ganin haka?

Anti Rabi: Ni ma nawa ya yi wani farin abu a sama, na tsorata, ashe sabuwar uwa ce ke fitowa. Ki ƙyale shi kawai.

Malam Isa mai lab: Anti, naki daban ne. Sabuwar uwa santsi gare ta, a jiƙe take, kuma zare-zaren ruwan kasa da ke lilo a ƙarƙashinta yis ne, ba komai. Amma abu busasshe mai gashi, kore ko baƙi, a zaune a saman, wannan fumfuna ce. Maman Ilham, ki zubar da ruwan har da uwar. Kada ki kwashe saman ki sha sauran, abin da fumfunar ta saki ya riga ya shiga ruwan. Kin zuba tsohon ruwan kombuca mai tsami da kika fara?

Maman Ilham: A'a Malam, wanke uwar ma na yi tas.

Malam Isa mai lab: To nan matsalar take. Tsamin nan shi ke tsare ruwan a kwanakin farko, kafin uwar ta kama aiki. In babu shi, shayi mai zaƙi kika ajiye wa fumfuna. A kowace lita ki zuba aƙalla rabin kofi na tsohon, cikin kwalbar gilashi, ki rufe da kyalle mai tsabta. Ban da kwanon tangaran mai fenti, tsami na iya jawo darma daga jikinsa.

Baban Sadiq: Ni matata ke sha saboda kumburin ciki, ta ce ya fi magani. Yanzu tana da juna biyu.

Malam Isa mai lab: Don Allah ta dakata. Na gida ba a dafa shi bayan ya tsima, ba wanda ya san ƙwayoyin da ke ciki. Haka mai shayarwa, ƙananan yara, mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su sha. A 1995 a Iowa ta Amurka, mata biyu masu shan na gida kullum sun kwanta da tsamin jini, ɗaya ta rasu, kodayake ba a tabbatar shi ne sanadi ba. Batun gyaran ciki kuwa, binciken da aka yi a kan mutane kaɗan ne.

Anti Rabi: Ni dai ya yi min amfani. Abin da ke damuna, an ce yis ɗin na mayar da wani ɓangare na sukarin barasa, kuma na gida yakan wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Akwai wanda ya tambayi malamai hukuncinsa?