Neman kalma: abin da inji ke cinye wa mai shi a awa guda

Malamin lissafi, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Ina koya wa yaran ateliye lissafi, kuma akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya. Da Faransanci ana cewa "ku orer mashin", wato abin da inji ɗaya ke cinye wa mai shi a kowace awa da ya yi yana juyawa. Na ce musu "kuɗin awa", sai duk suka ɗauka abin da za a karɓa hannun mai kawo aiki ne. Ba shi nake nufi ba. Me za mu kira shi?

Mai walda, Garin Malam: Malam, ai kuɗin wuta ne. Ka duba kontar kafin ka tada inji, ka duba bayan awa guda.

Tsohon kafinta, Birni: Ɗana, wuta ɗaya ce kawai cikin abubuwa huɗu. Bari in ba ku lissafin injin goge katakona. Da saye da dako da kafawa ya tsaya mini sefa 3,000,000. Na ƙiyasta zai yi shekara 10, ina sa ran in sayar da shi 300,000 a ƙarshe. Saura 2,700,000, wato 270,000 ke zubewa daga darajarsa duk shekara, ko da ban fitar da dala daga aljihu ba. Yana juyawa kamar awa 5 a rana, kwana 300, awa 1,500 ke nan. In ka raba, 180 a awa.

Motarsa tana jan kilowat 4, kuma a takardar wutata kilowat na awa guda yana tsaya mini wajen 100, wato 400. Washin wuƙaƙe, bel, giris da mai gyara suna cin 150,000 a shekara, 100 a awa. Sai waje. Hayar shago 360,000 ce a shekara, kuma injin ya tare kashi ɗaya cikin huɗu, don ba gindinsa kawai ake aunawa ba, har da inda katako ke shiga da inda yake fita. 90,000 ke nan, 60 a awa. Duka 740, dala 148. Ban sa ladan yaro ba, ban sa riba ba. Ni "cin awa" nake ce masa.

Malamin lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, lissafin nan shi ne. Amma in aka ce aiki ya ci awa, lokaci ake nufi. Yara za su sake ruɗewa.

Mai injin markaɗe, Zango: Ku ce "cefanen inji". Kowa ya san cefane fita yake yi, ba wadda ke kiransa riba. Ni kullum sai na ware na gazuwal da na gyara kafin in ƙirga abin da na samu.

Tsohon kafinta: Hajiya, kalmarki ta yi daɗi, sai dai cefane kullum ake ganin fitarsa. Wancan 180 ɗin ba a ganinsa, kuma shi ke kashe ateliye. Injina na farko na yi shekaru ina murna da ciniki, ran da ya mutu ban da kuɗin wani, ashe shi nake ci kaɗan-kaɗan. Abin da suke kira amortisma ke nan, ni kuwa "kuɗin tsufa" nake cewa.

Mai walda: To Baba, a ƙirga awa 10 da shago ke buɗe mana, sai abin ya sauko.

Malamin lissafi: A takarda kawai zai sauko. Awar da inji ya juya ake ƙirgawa. Ka ɗauka aiki ya yi ƙasa, injin Baba ya yi awa 900 kacal a shekara. Tsufa da haya ba su san da wannan ba, 270,000 da 90,000 ɗinsu, wato 360,000, na nan, sai su koma 400 a awa maimakon 240. Jimilla ta tashi daga 740 zuwa 900. Shi ya sa nake so kalmar ta riƙe "awar aiki". Na karɓi "kuɗin tsufa". Babbar kuma ina ba da shawarar "ɗawainiyar inji a awar aiki", don ɗawainiya ta haɗa ci da sha da wurin kwana.

Mai injin markaɗe: Ta yi tsawo, Malam. Rubuta ta a allo, amma a bakin inji cefane za a ce.

Mai walda: Ni tambayata, ranar da na tada gurup fa? Man da ya sha a ɗawainiyar wa zai shiga, tasa ko ta injin walda?