Kuɗi ya maƙale a Pending ranar kasuwa: a jira ko a sake turawa?

Mai sayen riɗi, Maigatari: Assalamu alaikum. Duk ranar Alhamis daga bayan azahar rigimar iri ɗaya ce a kasuwar nan. Mai saye ya tura kuɗi, wayarsa ta nuna Pending, an cire masa, mai kaya kuma bai ga komai ba, ga mota tana jiran lodi. Wani lokacin Failed ake gani, wani lokacin Reversed. Waɗanda suka san harkar su fayyace mana bambancinsu, da iya lokacin da ya kamata mutum ya jira.

Mai POS, Gumel: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sai an san hanyar da kuɗin yake bi sannan kalmomin za su yi ma'ana. Idan ka tura daga asusun wayarka zuwa wani banki ko wani kamfani daban, kamfaninka ne yake fara cire kuɗin daga wajenka. Daga nan ya aika saƙo ta NIBSS, wadda ita ce mahaɗar bankunan ƙasar nan, saƙon ya isa bankin mai karɓa, su zuba masa, sannan su maido da amsa cewa ya shiga. Wannan amsar ce take sa wayarka ta rubuta Successful.

Pending ko Processing yana nufin kamfaninka ya cire kuɗin amma amsa ba ta dawo masa ba, shi kansa bai san inda aka kwana ba. Abu uku ne zai iya faruwa. Ko saƙon bai isa can ba sam. Ko ya isa yana kan layi saboda cunkoso. Ko kuma kuɗin ya riga ya shiga, amsar ce kawai ta ɓace a hanya. Na ukun nan shi yake jawo asara, domin wanda ya gaji ya sake turawa ya biya sau biyu ke nan. Kamfanin yakan riƙa sake tambayar NIBSS da kansa lokaci bayan lokaci, shi ya sa za ka ga Pending ya juye Successful ko Failed ba tare da ka taɓa komai ba. Yawanci cikin minti biyar zuwa talatin ake rabuwa. Ranar da wani banki ya zauna gaba ɗaya kuwa, yakan kai dare ko washegari.

Mai cajin waya, Ringim: Ni a sanina Failed ya fi sauƙi. Kuɗi bai fita ba, ka sake turawa kawai. Pending ne abin tsoro.

Mai POS, Gumel: Rabin maganarka daidai ne, ɗan'uwa. Failed iri biyu ne. Akwai wanda ya faɗi tun a gida: lambar sirri ba daidai ba, kuɗi bai isa ba, ko ka wuce iyakar abin da aka yarje maka a rana. Wannan ba a taɓa kuɗinka ba, gyara ka sake. Akwai kuma wanda ya faɗi bayan an cire. Shi kuɗin yana hannun kamfaninka, sai sun maido. Ba a gane su da kalmar da ke fuskar waya, da ragowar kuɗi ake ganewa. Misali kana da 100,000 ka tura 45,000. Idan bayan Failed ka ga 100,000 tana nan, babu komai. Idan ka ga 55,000, ko ƙasa da haka kaɗan saboda kuɗin turawa, to an cire. Ka sake turawa a haka, ragowar 10,000 za ka tashi da ita kana jiran a maido maka 45,000. Shi ya sa nake cewa kowa ya kalli abin da ke asusunsa kafin ya danna, ba bayan ya danna ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki, Dutse: Bari in ƙara a kan Reversed, don shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ma'anarsa cinikin ya mutu, kuɗi ya koma wajen wanda ya tura. Mai kaya kada ya ci gaba da jira, babu abin da zai shigo. Mai turawa kuma kada ya tsaya jiran saƙon tes, domin sau da yawa kuɗin da aka maido ba ya zuwa da alat. Ya buɗe tarihin hada-hadarsa, zai ga layi biyu: na cirewa, sai wani na shigowa da adadi iri ɗaya, galibi da rubutun Reversal ko REV a jikinsa. Idan an rubuta Reversed amma babu layi na biyu, ragowar kuɗi kuma ba ta ƙaru ba, to an ba da umarnin maidowa ne amma bai sauka ba tukuna.

Akwai wani dalili da yake yawan kawo Reversed a ƙauyuka, kuma mutane sai su ɗora wa sabis laifi alhali ba shi ba ne. Ƙaramin asusu na matakin farko, Tier 1, ƙa'idar Babban Banki ita ce kada abin da ke cikinsa ya wuce 300,000. Manomi ya sayar da buhunan riɗi tun safe, asusunsa ya kai 270,000, sai ka tura masa 45,000. Jimilla 315,000, ta haura. Wani kamfanin zai ƙi karɓa kuɗin ya dawo maka, wani kuma zai karɓa ya riƙe har sai mutumin ya ɗaga matakin asusunsa. Ko sau goma ka tura haka za a yi ta yi. Mafita ita ce ya rage abin da ke ciki, ko ya ba ka wani asusun.

Maganar lokaci kuwa, akwai abin da ke rubuce. Dokar Babban Banki ta 2018 a kan tura kuɗi nan take ta ɗora tarar naira 10,000 a kan duk turawar da ta faɗi ba a maido wa mai ita cikin awa 24 ba, idan an kai ƙorafi. Ta kuma ɗora irin wannan tarar idan bankin mai karɓa ya jinkirta zuba kuɗin da ya iso masa fiye da minti huɗu. Ku lura da batun ƙorafin. Wanda ya zauna gida yana jira bai sanar da kowa ba, shi ya bar haƙƙinsa.

Mai sayar da ƙuli-ƙuli, Kazaure: Hajiya, to ni ɗana ya tura wa wani 12,000 bisa kuskure, lamba ɗaya ya sauya. Yau kwana huɗu muna duba wayar ko za ta nuna Reversed ɗin nan. Har yaushe za mu jira?

Tsohuwar ma'aikaciyar banki, Dutse: Yaya, naku daban ne. Idan an rubuta Successful, kuɗin ya shiga asusun wani, ba zai dawo da kansa ba ko shekara aka yi. Yau ɗin nan ya kai ƙorafi kamfaninsa da rasit ɗin, su tuntuɓi bankin wancan. Yawanci sai mai asusun ya amince a cire, in ya ƙi sai da takardar kotu. Kowace rana da ta wuce, damar ya kwashe kuɗin ce take ƙaruwa.

Mai POS, kasuwar Wudil: Kada a haɗa turawa da cirar kuɗi da kati, lissafinsu ba ɗaya ba ne. Ranar Juma'a a kara an fi samun wannan: na'ura ta fitar da takarda da DECLINED, amma alat ya shigo wa mai kati cewa an cire. A duba lambar da ke jikin takardar. 00 shi ne ya wuce. 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, waɗannan ba a cirewa. 91 kuwa, Issuer or Switch Inoperative, bankin mai kati ne bai amsa a kan lokaci ba, kuma shi ne yake yawan cire kuɗi. Kuɗin nan bai zo wajen mai POS ba, don haka riƙe masa wuyan riga ba ya maido da shi. Da yawa yakan dawo cikin mintuna ko kafin gari ya waye. Ƙa'idar Babban Banki da ta fara aiki a watan Yunin 2020 ta ba da awa 72 a warware na POS. Mai kati ya karɓi takardar, ya ɗauki hotonta nan take, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa in ta sha zafin aljihu. Abin da bankinsa zai nema shi ne RRN, wato shaidar cinikin mai lamba 12 da ke jikin takardar, da adadi, da rana.

Mai POS, Gumel: A turawa kuma Session ID ne madogara, lamba 30 ce a ƙasan rasit. Shida na farko na kamfanin da ya tura ne, sha biyu da ke biye rana ce da lokaci. Idan ka ga `250612143005`, wato 2025, watan 6, ranar 12, ƙarfe 2:30 na rana da daƙiƙa biyar. Mai kaya zai iya gwada wannan da lokacin da aka ce an tura, yana kama tsohon rasit da aka gyara. Idan mai turawa ya ga Successful amma mai karɓa bai gani ba bayan awa ɗaya, mai karɓa ne zai kai wannan lambar bankinsa su nemo. Idan Pending ne ko Failed da aka cire, mai turawa ne zai kai ƙorafi nasa kamfanin, ta cikin manhajar ko lambar da ke cikinta, ya karɓi lambar ƙorafi ya ajiye. Kada a nemo lambar waya a Facebook, kuma ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar PIN ko OTP don ya maido maka kuɗi. Mako biyu babu gyara, sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki da wannan lambar ƙorafin.

Mai sayen riɗi, Maigatari: Na gode. Amma a tsakiyar kasuwa fa, kayan a sake su ko a riƙe?

Mai POS, kasuwar Wudil: A riƙe, Alhaji. Rasit ɗin wayar wani ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe naka asusun ka ga ya ƙaru. A ba shi minti talatin. In bai rabu ba kuma dole a tashi, mai saye ya biya ta wata hanyar, a rubuta a gaban dillali cewa in na farko ya shigo za a maido.

Mai cajin waya, Ringim: Wanda 45,000 ɗin nan ce kaɗai jarinsa fa, da me zai biya na biyu? Kuma baƙon da ya zo daga Nijar ko daga Kudu, in ya tafi wa zai bi shi ya maido?

Mai POS, Gumel: Nan kam ni da mutumin Wudil mun saɓa. Ban yarda a biya sau biyu ba sai tsakanin waɗanda suka san gidan juna. Ga baƙo, gara kayan su kwana a rumfar dillali ko wajen sarkin kasuwa, a rubuta Session ID da lambobin wayarsu duka biyun, da safe kowa ya buɗe asusunsa a gani.